Intabiyun gwaji da na shiga a aji huɗu, daga layin rajista zuwa takardar maki

Muna mako na uku da komawa zango na biyu a aji huɗu, kaina ya ɗau zafi da babi na huɗu na furojet, shugaban ajinmu ya turo sanarwa a zaurenmu na WhatsApp cewa sashen ba ɗalibai shawara zai yi wa masu shirin fita intabiyun gwaji, duk mai so ya je ya yi rajista kafin Alhamis. Sanarwar layi biyu ce kawai, shi ya sa rabin ajin suka ɗauka wani kamfani ne zai zo ɗaukar ma'aikata. Ni ma haka na zata. Ranar Talata da ƙarfe tara na isa ofishin, na tarar layi ya fito har bakin baranda, aka ba ni lamba 47 a guntun kwali. Ban shiga ba sai dab da azahar. Da na zauna gaban sakataren, bai ko ɗago kai ba ya ce in miƙo abu uku: katin shaidar ɗalibi, sibi ɗina a shafi ɗaya, da tallar wani aiki na gaske da nake jin zan iya nema, a buge a takarda. Katin ne kawai a jakata. Ya ce in dawo gobe, lambar yau kuma ta mutu. Na fito ina jin kamar in fasa, ga yunwa ga lakcar da na rasa a banza. To duk wanda zai je irin wannan rajistar, ya tafi da abubuwan nan uku tun farko, kuma ya sani ba aiki ake rabawa ba, horo ne.

Washegari na koma tun bakwai da rabi, na zama ta shida. Sakataren ya rubuta sunana a rukunin masu neman aikin banki, saboda tallar da na kawo ta ɗaukar sababbin masu digiri ce a wani banki. Ya miƙo mini kundin horon ya ce kwafi ɗaya suke da shi, in je in yi fotokwafi in dawo da shi cikin minti ashirin. Horon kansa kyauta ne, amma shafi 32 a naira 30 kowanne ya ci mini 960, ɗinki 300, buga sibi da tallar kuma 200. Kundin kashi huɗu ne. Akwai tallace-tallacen aiki na gwaji guda uku, na banki da na ƙungiya mai zaman kanta da na kamfanin rarraba kaya. Akwai tambayoyi arba'in da aka fi yi a intabiyu. Akwai katunan kwaikwayo, waɗanda ake yankewa da almakashi a ba kowa nasa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. Sai takardar maki mai gida biyar, kowane gida daga 1 zuwa 5, jimla 25: shigowa da gaisuwa, fahimtar tambaya, kawo misali na gaske, murya da kallo, da tambayar da kai za ka yi musu a ƙarshe. A shafin farko an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a karanta kundin nan mutum shi kaɗai, sai mutum uku. Na karanta wannan layin na wuce shi, kuma a nan na yi kuskurena mafi girma.

Abin da na yi shi ne abin da na saba yi tun ina firamare, hadda. Na rubuta amsa ga tambayoyin arba'in cif, na kwashe dare biyar a ɗakin kwana ina maimaitawa har 'yan ɗakinmu suka haddace wasu tare da ni. Na ɗauka na shirya.

Zama na farko ba intabiyu ba ne, duba takardu ne, kuma na so in raina shi. Malamar da ke jagorantar horon, wata dattijuwa da ta daɗe tana aikin ɗaukar ma'aikata kafin ta dawo jami'a, ta ce kowa ya zo da fayil ɗinsa kamar gobe za a kira shi: sakamakon Wayek ko Neko mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, takardar lambar ɗan ƙasa, da hotunan fasfo. Ta jera nawa a tebur, ta ɗauki biro tana bin su harafi-harafi. Minti biyu ba a yi ba ta tsaya. A sakamakon Wayek an rubuta sunan mahaifina da "o", a takardar lambar ɗan ƙasa an rubuta shi da "u" har da ƙarin harafi ɗaya. Na ce, "Malama, ai suna ɗaya ne." Ta ce, "A wurinki da ni ɗaya ne, 'yata. A wurin mai tantance takardun mutum dubu, mutum biyu ne, kuma ba zai kira ki ya tambaye ki ba." Wani ɗan ajinmu nasa ya fi muni, shekarar haihuwarsa ce ta bambanta a takardu biyu, ga shi tallar da ya kawo ta ce kada mai nema ya wuce shekara 26. Ta ce mu gyara tun yanzu, tun kafin makaranta ta tura sunayenmu zuwa bautar ƙasa, domin sunan da ya hau takardar digiri da ta bautar ƙasa shi zai bi mutum har ritaya. A makon na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Rabin yini ya ci mini, kuma da ban shiga horon nan ba sai a bakin ƙofar aiki zan gano.

Zama na biyu aka raba mu uku-uku. Ɗaya mai neman aiki, ɗaya mai tambaya, ɗaya mai lura da ke riƙe da takardar maki da agogon waya, minti goma sha biyu a juya. Ni na fara zama kujerar mai nema. Da Turanci ake yin komai, tunda haka za a yi a can. Tambayar farko, in ba da bayanin kaina, na zubo ta tiryan-tiryan kamar karatun allo. Ta biyu ma haka. Sai mai tambayar, wata 'yar sashen tattalin arziki, ta duba katinta ta yi abin da aka umarce ta a ciki: duk amsar da aka ba ki, ki ce a kawo misali. Na ce ni mutum ce mai iya aiki cikin matsi. Ta ce yaushe, a ina, me ya faru? Kaina ya ɗauke wuta. Babu wannan a haddata. Na ji gumi yana bin bayana a cikin hijabi, na fara maimaita jimlar da na riga na faɗa da wasu kalmomi. Mai lura ya ce na yi shiru na daƙiƙa goma sha tara, ni kuwa ji na yi kamar an yi la'asar an idar. Ya ba ni 11 cikin 25. A gidan misali na gaske ya sa 1, a gefe ya rubuta cewa idona bai bar kan tebur ba tun da na zauna.

Maganar idon nan ta dame ni, kuma ba ni kaɗai ba. Mu da aka tarbiyyantar da cewa ƙura wa babba ido rashin kunya ne, an ce mana yanzu sunkuyar da kai yana rage maki. Wata daga cikinmu ta faɗa wa Malama haka kai tsaye. Ba ta ce tarbiyyarmu kuskure ba ce. Cewa ta yi masu tambaya a manyan kamfanoni daga ko'ina suke a ƙasar nan, kuma wanda bai tashi a cikinmu ba idan ya ga an sunkuya sai ya fassara shi da rashin tabbas ko ɓoye wani abu. Ta nuna mana tsaka-tsaki: ka kalli wanda ya yi tambayar lokacin da yake yi, ka fara amsa kana kallonsa, ka ɗan kai ido kan sauran, ka rufe a kansa. Idan ido cikin ido ya yi maka nauyi, ka kalli tsakanin girarsa, ba zai gane bambanci ba. Haka nan batun musabaha. Ta ce macen da ba ta gaisawa hannu da maza kada ta bari a miƙo hannu a bar shi a iska. Tun daga ƙofa ta ɗora hannun dama a ƙirji, ta ɗan rusuna, ta gaisar da murya mai fita, fayil a hannun hagu. Mun yi ta gwada shiga ƙofar nan har sau shida kowa, muna dariya, amma ranar da na shiga ta gaske ƙafata ta riga ta san hanya.

Da aka juya na hau kujerar mai tambaya, a nan idona ya buɗe. Ɗan rukuninmu, wanda na san shi da ƙoƙari, ya fara zubo haddarsa, sai na ji kunnena ya toshe tun a jimla ta uku. Kalmomin da yake faɗa su ne nawa, mai himma, mai gaskiya, mai son aiki da jama'a. Na riƙe biro ban sami abin rubutawa ba. Can da na matsa masa da tambayar misali, ya ce ya taɓa shirya jigilar ɗalibai tamanin zuwa ziyarar karatu, mota ɗaya ta lalace a hanya, ya faɗi yadda ya raba mutanen cikin sauran motocin ya bar mutum biyu da direba. Nan take na miƙe zaune sosai ina saurare. Mutum ɗaya ne, minti biyu tsakani, amma na farkon ba zan tuna shi gobe ba, na biyun kuwa har yau ina tuna motar. A ganina wannan kujerar ita ce rabin amfanin kundin, kuma ita ce wadda ɗalibai suka fi gudu, kowa so yake a yi masa tambaya ya tafi.

Bayan zaman na bi Malama ofis na ce ni fa ban taɓa aiki ba, daga ina zan samo misali? Ta tambaye ni me na yi lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya kai wata takwas. Na ce ba komai, shagon yayana kawai nake zama. Ta ce in ba ta labarin shagon da Hausa, in manta da intabiyu. Sai na gaya mata. Yayana yana sayar da kayan masarufi a sari, masu tireda suna ɗauka bashi su biya in sun sayar. Bashin yana warwatse a littafi uku, wani ma a bayan kwalin sabulu aka rubuta. Ranar da babban dila ya ce ba zai ƙara sauke kaya ba sai an biya shi, Yaya bai san nawa yake bin mutane ba. Na kwashe kwana huɗu ina tattara sunayen cikin Excel, suna a gida ɗaya, kuɗi a na biyu, ranar ɗauka a na uku, na haɗa jimla da =SUM(B2:B32). Mutum 31 ne, naira 640,000. Na jera su bisa daɗewar bashin, na ba Yaya shawara duk wanda ya wuce kwana talatin ba a ƙara masa kaya sai ya biya rabi, ni kuma na riƙa kiransu duk yammacin Juma'a. Cikin wata biyu 410,000 suka dawo, dila ya ci gaba da sauke kaya. Malama ta ajiye biro ta ce, "Kin riƙe wannan a hannu kika je kina gaya wa mutane ke mai himma ce?"

Ta buɗe mini shafin kundin da ke nuna yadda ake gina irin wannan amsar hawa huɗu: halin da ake ciki, abin da ya rataya a wuyanka, matakin da ka ɗauka, da abin da ya fito. Ta ce hawa na farko da na biyu kada su wuce jimla uku, na uku shi ne naman, na huɗu a rufe da adadi in akwai, duka cikin minti biyu. Da na maimaita mata da Turanci sai ta riƙa ɗaga yatsa tana ƙirgawa. Sau tara na ce "mun yi". Mun tattara, mun kira, mun karɓo. Ta ce ke da wa? Na ce ni kaɗai, amma ai shagon Yaya ne. Wannan ma tarbiyya ce, mun tashi muna jin cewa yabon kai jahilci, cewa "ni na yi" kuwa yana mana nauyi a baki. Ta ce faɗar abin da hannunka ya yi ba yabon kai ba ne, shaida ce, kuma mai tambaya mutum ɗaya zai ɗauka, ba dangi ba. Inda aka yi tare a ce "mu", inda kai ka yi ka ce "ni". Na yi mako guda ina gyara wannan kalma ɗaya. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce wadda ta fara yi da ni: in ba da labarin da Hausa har ya zauna, sannan in faɗe shi da Turanci ba tare da rubuta jimlolin ba, kanun kawai, kalma biyar a guntun takarda. Da haka na watsar da amsoshi arba'in na riƙe labari biyar, kuma labarin shagon shi kaɗai yana amsa tambayar matsi, da ta warware matsala, da ta hulɗa da mutane masu wuyar sha'ani.

Zama na uku shi ne kwaikwayo, kuma shi na fi tsoro. Katina ya ce ni ma'aikaciya ce a teburin sauraron koke a banki. Wani ɗan kasuwa ya biya naira 85,000 da katinsa na banki a na'urar mai shago, an cire kuɗin daga asusunsa amma ba su shiga wa mai shagon ba. Katin ya ce ba ni da ikon mayar da kuɗi da kaina, abin da zan iya shi ne in shigar da koken in ba shi lambar bibiya, kuma wa'adin mayar da irin wannan kuɗin awa 72 ne, bisa umarnin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020. Ban ga katin kwaikwayon ɗan kasuwar ba. Ya shigo yana faɗa, ya buga tebur, ya ce mai kaya ya riƙe masa buhuna a kasuwa. Ni kuwa sai na shiga abin da bakina ya saba, "yi haƙuri, Alhaji, yi haƙuri". Da ya ƙara ɗaga murya na tsorata na ce masa insha Allahu yau kuɗinsa za su dawo. Mai lura ya tsayar da agogo. Ashe a katin ɗan kasuwar an rubuta: ka matsa har sai ta yi maka alkawarin da ba nata ba ne, kuma ka sauko da zarar ta tambaye ka ranar cinikin da rasit. Na ba da haƙuri sau bakwai, ban tambayi ko abu ɗaya ba.

A zagaye na biyu na bar shi ya gama faɗansa ban katse shi ba, na maimaita masa abin da na ji domin ya san na fahimta, na ba da haƙuri sau ɗaya. Na nemi rasit ɗin da na'urar ta fitar da saƙon cire kuɗin da ya shigo wayarsa, na tambayi rana da lokaci. Na gaya masa gaskiya cewa ba ni ke mayar da kuɗi ba, ga lambar kokensa, ga wa'adi, in ya cika bai ga komai ba ga wanda zai nema. Ya sauko kamar yadda katinsa ya ce. Malama ta ce a irin wannan gwajin ba sanin aikin banki ake aunawa ba, tunda za a koya maka, ana duba ko za ka iya tsayawa kan abin da ke hannunka lokacin da ake maka ihu. Haƙurin da muke bayarwa abu ne mai kyau, amma idan babu mataki a bayansa mai koke ji yake ana son a sallame shi.

Ranar babban gwajin an ba ni ƙarfe goma da minti ashirin, an ce in zo rabin awa kafin lokaci da shigar da zan je intabiyu da ita. Na sa doguwar riga mara ado da mayafi launi ɗaya, na ari takalmi rufaffe wurin ƙawata. Ba a kira ni ba sai goma sha ɗaya da rabi. Daga baya muka ji da gangan ake jinkirin, kuma sakataren da ke zaune a ɗakin jira yana lura da wanda ke tsaki da wanda ke hira da ƙarfi a waya. Mutum uku ne a teburin, Malama, wani malami daga wani sashe, da wani baƙo da ke aiki a banki, ga waya a jingine tana ɗaukar bidiyo. Labarin shagon ya fita lafiya, baƙon har ya tambaye ni yadda na yi da waɗanda suka ƙi biya. Na ce mutum huɗu ne, na miƙa wa Yaya su domin sun girme ni kuma abokan mahaifinmu ne, ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Inda na faɗi shi ne albashi. Ya ce nawa nake sa rai, na ce duk abin da aka ba ni na gode. Ya ce to idan sun ce miliyan 2 da dubu 400 fa? Fuskata ta washe, na ce na amince. Ya ce a shekara ne, nawa zai shigo asusuna ƙarshen wata? Na raba da goma sha biyu na ce 200,000. Ya ce a'a. Daga ciki za a cire kashi 8 cikin ɗari na fansho daga ɓangaren ma'aikaci, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada, a cire haraji, kuma wasu wuraren suna cusa kuɗin hutu da na ƙarshen shekara cikin wannan jimlar, waɗanda sau ɗaya ake biya. Ya ce tambayar da ya kamata in yi ita ce ko adadin kafin cire-cire ne ko bayansa, kuma ko bankin ne zai ɗauke ni kai tsaye ko ta hannun kamfanin kwangila, domin mutum biyu kan zauna a kanta ɗaya da riga iri ɗaya alhali albashinsu da makomarsu ba ɗaya ba.

Bayan kwana uku aka kira mu karɓar sakamako ɗaya bayan ɗaya, minti goma kowa. Na sami 19 cikin 25. Misali na gaske ya tashi daga 1 zuwa 5, kallo ya zama 4, tambayar ƙarshe kuwa 2, tunda da suka ce ko ina da tambaya cewa na yi babu. Malama ta tura mini bidiyon a waya ta ce in kalle shi sau biyu, na farko babu murya, na biyu murya kawai. Kallon kai ba daɗi, amma a nan na ga hannuna yana murza gefen mayafi duk lokacin da aka yi tambayar da ban zata ba, na kuma ji muryata tana nutsewa a ƙarshen kowace jimla har kalmar ƙarshe ba ta fita. Ba wanda ya taɓa gaya mini wannan a shekara huɗu na gabatar da aiki gaban aji.

Da zan sake daga farko, daren biyar ɗin da na ɓata a hadda zan ba wa zama da mutum biyu, kuma ba aminaina ba, domin aminiya ba ta iya sa miki 1 a takarda. Zan fara da kujerar mai tambaya. Zan kuma hana kowa leƙa katin ɗan'uwansa, saboda rukunin da suka karanta katunan tare kafin su fara sun yi wasan kwaikwayo ne kawai, kowa ya san inda za a sauko, suka fito da maki mai yawa da ba su amfana da shi ba a gaban baƙon nan. Wanda makarantarsu ba ta da irin wannan shiri yana iya haɗa nasa: tallar aiki ta gaske, tambaya goma, katin mai koke da wani daban ya rubuta, takardar maki mai gida biyar, da waya mai ɗaukar bidiyo.

Akwai abin da kundin bai taɓo ba, kuma shi ya fara kayar da ni bayan na gama bautar ƙasa. Yawancin bankuna da manyan kamfanoni ba sa kiran mutum intabiyu sai ya tsallake jarrabawar kwamfuta ta lissafi da Turanci da nazarin zane-zane, wadda ake ƙayyade wa lokaci. Ta farko da na zauna, na tsaya kan tambaya ɗaya ta kaso cikin ɗari ina son sai na warware ta, agogo ya cinye ni da saura tambaya goma sha huɗu ban ko buɗe ba. Labaraina biyar suna nan a shirye, amma ban kai ɗakin da za a tambaye ni su ba. Na koma na nemi tsofaffin tambayoyin irin wannan jarrabawa, na riƙa yin ashirin duk safiya da agogo a gabana, wadda ta wuce minti ɗaya in tsallake ta in dawo daga baya. A karo na uku ne aka kira ni intabiyu, ta Zoom, kuma tambaya ta biyu da suka yi mini ita ce in ba su labarin lokacin da na karɓo wani abu daga hannun mutanen da ba sa son bayarwa.